An sallame shi a kotu, me ya sa aka sake gurfanar da shi?

Tambaya: Barista, barka da aiki. An zargi ƙanena da satar kaya a siton da yake aiki. Aka yi ta ɗage shari'a, shaidu ba su zo ba, daga ƙarshe alƙali ya kori ƙarar ya sallame shi. Yanzu ga sammaci ya sake zuwa a kan maganar nan dai. Wani da ke yawan zama a harabar kotu ya ce mana kada ya je, wai doka ta hana a yi wa mutum shari'a sau biyu. Mahaifiyarmu ko barci ba ta yi. Ya je ko kada ya je?

Amsa: Ya je, 'yar'uwa. Ya je ranar da aka rubuta, tun kafin alƙali ya zauna, kuma da lauya. Ko da mutumin nan ya yi daidai a kan doka, a gaban alƙali ake faɗin hujjar, ba a ɗaki ba. Wanda ya ƙi amsa sammaci, abin da ke biyo baya shi ne takardar kamu, sannan neman beli ya yi wuya, don ya riga ya nuna wa kotu cewa ba mai zuwa da ƙafarsa ba ne.

Kariyar da aka ambata muku gaskiya ce. Sashe na 14, sakin layi na 7, na Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan 'Yancin Jama'a da na Siyasa ta 1966 ya hana a sake gurfanar da mutum ko a sake hukunta shi a kan laifin da aka riga aka yanke masa hukunci na ƙarshe, ko an same shi da laifin ko an wanke shi. Ƙasashe da yawa sun saka hakan a tsarin mulkinsu. Sai dai ki lura da sharaɗin: hukunci na ƙarshe. A nan ne mutane ke faɗawa rami kullum, kuma masu yawon harabar kotu da jaka a hammata su ne ke tura su.

Fita daga kotu iri biyu ce. Akwai wanda aka saurari shaidu a kansa, aka auna hujja, alƙali ya ce ba a tabbatar da laifi ba, ya wanke shi. Wannan ƙofa ta rufu. Akwai kuma wanda aka sallama saboda mai gabatar da ƙara bai zo ba, ko fayil ya ɓace, ko an rubuta tuhumar ba daidai ba, ko kotun ba ta da hurumin sauraron irin wannan laifi, ko kuma an janye ƙarar tun da wuri. Wannan ba a taɓa duba ko ya yi ko bai yi ba. An dai cire shari'ar daga jerin ayyukan kotu, kuma a galibin ƙasashe ana iya dawo da ita. Dukansu biyu sukan fito ana rungumarsu a bakin ƙofa, dangi suna hamdala, shi ya sa ido ba ya bambance su. Takarda ce kaɗai ke bambancewa.

Don haka aikin farko shi ne ku je wurin magatakardar kotun farko ku nemi kwafin bayanan zaman kotu da na umarnin ƙarshe, mai hatimi da sa hannu. Hoton waya bai wadatar ba, labarin wanda ya halarci zaman ma haka. Lauya zai duba abu uku: shin an karanta masa tuhuma ya amsa, shin wani shaida ya taɓa ba da shaida bayan rantsuwa, sannan me alƙali ya rubuta a layin ƙarshe.

Ga yadda sakamakon ke sauyawa. A ce an ɗage zama sau huɗu ba shaida ko ɗaya, alƙali ya gaji ya rubuta cewa an kori ƙara saboda masu ita ba su bi ta ba, an sallami wanda ake tuhuma. Sabuwar tuhuma tana iya tsayawa. A ce kuma mai gadin sito da ɗan sanda mai bincike sun ba da shaida, masu gabatar da ƙara suka rufe, lauyansa ya tashi ya ce babu wata hujja da za ta sa ya kare kansa, alƙali ya amince. A tsarin shari'a irin na Ingila da ƙasashen da suka gaje shi, wannan hukunci ne a kan gundarin magana, kuma yana da ƙarfin wankewa. Idan aka sake kawo shi, to lokacin da aka karanta tuhuma, kafin ya ce ya aikata ko bai aikata ba, lauya zai tashi ya ce an riga an wanke shi, ya miƙa kwafin. Nauyin nuna hakan a kansa yake, shi ya sa na matsa a kan hatimi. Canja wa laifin suna ba ya tsirar da masu ƙara idan ginshiƙan laifin da abin da ya faru duk ɗaya ne.

Ko wankewar ma tana da iyaka, ku sani tun yanzu. A ƙasashe da dama masu gabatar da ƙara suna iya ɗaukaka ƙara, kotun sama ta soke hukuncin ta ce a sake shari'a, kuma ana ɗaukar wannan ci gaban shari'ar farko ne. Amurka ba ta yarda da ɗaukaka ƙara a kan wankewa ba, Ingila kuwa ta yi doka a 2003 da ta ba da damar sake shari'ar manyan laifuka kamar kisa idan sabuwar hujja mai ƙarfi ta bayyana. Sannan mai kaya yana iya neman diyya a ƙarar da ba ta laifi ba, inda rinjayen hujja kawai ake buƙata. An wanke O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan ƙwallo na Amurka, daga tuhumar kisan mutane biyu a 1995, amma a 1997 wata kotun ta ɗora masa biyan diyya a kan mutuwar mutanen nan biyu.

Idan ya tabbata sallama ce kawai, ba a bar shi hannu rabbana ba. Sakin layi na 2 na Sashe na 14 da na ambata ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa bisa doka. Kamun farko ba hujja ba ne, gurfanarwa ta biyu ma ba hujja ba ce. Masu ƙara ne za su nuna kayan da suka ɓace, da lokacin, da abin da ya haɗa shi da su, har ya zama babu sauran kokwanto mai ma'ana. Ba aikinsa ba ne ya nemo ɓarawo. Amma wannan ƙa'ida ba ta hana kamu ko gindaya sharuɗɗan beli, kada wani ya sake ruɗar ku da ita.

Makami na biyu shi ne haƙƙin a yi masa shari'a ba tare da jan ƙafa ba, wanda ke sakin layi na 3. Abin takaici ne yadda wasu ofisoshi ke shigar da ƙara kafin su kammala bincike, a kore ta, su kwashe fayil su kai wata kotu, mutum yana ta zirga-zirga aikinsa na lalacewa. Lauya ya lissafa wa alƙali kwanakin da aka ɗage zama a baya ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya jawo kowane ɗagewa, ya nemi beli a ranar farko yana kafa hujja da cewa ƙanenki ya halarci zaman da aka yi a baya, in dai haka ne. Ya kuma nemi a sa wa masu ƙara wa'adin kawo shaidu, in sun sake saɓawa ya roƙi kotu ta ɗauki maimaita ƙarar a matsayin wasa da shari'a. Mutumin can na harabar kotu kuwa, idan ya ce a kawo kuɗi zai sa a ɓatar da fayil, kada ku ba shi ko sisi, don wannan sabon laifi ne da zai hau kanku, kuma shi ba a taɓa yi muku shari'arsa ba.