Amsa ga Malama Hajara kan haruffa masu lanƙwasa a waya da kwamfuta

"Na mayar da harshen wayata Hausa amma har yanzu ban ga ƙ, ɗ da ɓ ba, kuma a kwamfutar makaranta ma ban san inda suke ba. Don Allah yaya ake yi?"

Assalamu alaikum. Malama Hajara, abin da kika canja shi ne harshen da waya take nuna miki rubutunta, alhali abin da kike bukata shi ne allon rubutu, wanda yake ɓullowa daga ƙasa idan za ki tura saƙo. Kowanne da wurin da ake saita shi, kuma za ki iya barin wayar da Turanci ki riƙa rubuta Hausa daidai ba tare da wata matsala ba.

Zan yi bayani a kan Gboard, domin shi ne ya fi yawa a wayoyinmu na Android, idan kuma taki ba ta zo da shi ba sai ki sauko da shi daga Play Store, kyauta ne. Ki buɗe kowace hira kamar za ki yi rubutu, ki taɓa alamar saiti da ke saman allon, ki shiga Languages, sannan Add keyboard, ki nemo Hausa ki tabbatar. Daga nan za ki ga sunan harshen da kike kai a rubuce a kan dogon maɓallin bayar da tazara, kuma idan kika danne shi kika riƙe zai ba ki zaɓi tsakanin Hausa da Turanci. A nan ne mutane da yawa suke cewa abin bai yi ba, saboda suna duban allon sai su ga kamar babu abin da ya sauya. Ki danne k ki riƙe na ɗan lokaci, ƙ za ta fito a sama, haka d za ta ba ki ɗ, b kuma ta ba ki ɓ. Idan babban baƙi kike so, kamar a farkon sunan Ɗanladi, sai ki fara taɓa kibiyar manyan baƙaƙe kafin ki danne harafin. Idan kin riƙe k ba ki ga komai ba, dubi dogon maɓallin nan, kusan kullum za ki tarar kina kan Turanci ne, ko kuma wayar tana amfani da allon da kamfaninta ya saka mata maimakon Gboard.

Kwamfuta ita ce ta fi bukatar natsuwa. A Windows 11 za ki shiga Settings, sai Time & language, sai Language & region, sai Add a language, ki rubuta Hausa ki ƙara ta. Ana sauya allo da maɓallin Windows haɗe da dogon maɓallin tazara. Idan kina kan Hausa, ki riƙe Alt na hannun dama ki buga k, d ko b. Na ce na hannun dama, domin na hagu aikinsa daban ne, zai buɗe miki jerin umarnin manhajar ne kawai. In kina son ki gani da idonki, ki nemo On-Screen Keyboard ki taɓa wannan Alt ɗin a jikinsa, zai nuna miki inda kowane harafi yake.

To, kin ce kwamfutar makaranta ce, kuma na san irin waɗannan sau da yawa an kulle su, ba a barin kowa ya ƙara komai. Idan haka ne, a cikin Word akwai hanyar da ba ta bukatar izinin kowa. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, ki rubuta lambar ki danna Alt da X tare, nan take za ta koma harafi:

```
ƙ 0199   Ƙ 0198
ɗ 0257   Ɗ 018A
ɓ 0253   Ɓ 0181
ƴ 01B4   Ƴ 01B3
```

Sai dai akwai tarko a ciki. Ɗauki kalmar baƙi: kin rubuta ba, kin bi ta da 0199, kin danna, amma ba abin da ya faru. Dalili shi ne a wannan lissafi haruffa daga a zuwa f su ma lambobi ne, don haka Word ta haɗa b da a da 0199 ta karanta su a matsayin lamba guda. Maganinsa ki rubuta U+0199 a maimakon 0199 zalla. Wanda zai buga jarrabawa mai shafi goma ba zai jure wannan a kowace kalma ba, shi ya sa nake ba da shawara a shiga Insert, Symbol, More Symbols, a zaɓi harafin a ba shi gajeriyar hanya ta Shortcut Key sau ɗaya a huta. Game da ƴ kuwa, 'yan'uwanmu na Nijar ne suke rubuta ta, mu a Najeriya 'y muke sakawa, saboda haka ki bi wanda littattafan makarantarku suke bi.

Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne batun salon rubutu, wanda ake kira font. Idan kin buga ɗ kin ga ɗan akwati, ko kin ga harafin ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, allonki lafiyarsa lau, salon da kika zaɓa ne ba shi da harafin. Har ma za ki iya ganin Ɗ babba ta fito amma ƙaramar ta ƙi, saboda Unicode ya ajiye manyan Ɓ da Ɗ a rukunin Latin Extended-B, ƙananansu kuma a rukunin IPA Extensions, kuma ba kowane mai zana salo ne yake cika rukunan biyu ba. Ki koma Times New Roman ko Arial na Windows na yanzu, ko Charis SIL, za su fito daidai.

Ina roƙon kowa a wannan zaure, kada ku karɓi tsohon salon nan da masu shagunan buga takardu suke kira na Hausa, wanda ake ɗora hoton ƙ a kan wani maɓalli daban. A idon mutum ƙ ce, amma abin da kwamfuta ta adana wata alama ce can. Na taɓa kai wa wani mai shago littafin darasi na ɗalibaina, ya ce zai gyara mini tsarin shafuka, ya sake buga wasu sassa da irin wannan salo bai faɗa mini ba. Da na buɗe a gida sai na tarar duk inda ƙ take ta koma wata alamar da ba ta da alaƙa da Hausa, kuma da na koma sai ya ce ai a kwamfutarsa daidai yake fitowa. Lallai zai fito daidai a tasa, tunda shi kaɗai yake da salon! Sai da na bi alamomin ɗaya bayan ɗaya da Find and Replace kafin rubutun ya dawo. Haka ma masu rubuta k' ko 'k a madadin ƙ, ranar da kika nemi kalmar ƙasa a cikin takardunki kwamfuta ba za ta kawo miki k'asa ba, domin a wurinta kalmomi biyu ne mabambanta.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce: ki kwafi jimla ɗaya daga takardar ki liƙa ta a WhatsApp. Idan haruffan sun fito da lanƙwasarsu, na gaskiya ne. Idan kuma za ki kai aiki wurin bugawa, ki mayar da shi PDF tun a kwamfutarki, ki buɗe ki duba shafi ɗaya ko biyu kafin ki tura. Idan kin gwada na wayar bai yi ba, ki turo hoton allon nan zaure in ga wane iri ne a kanta.