Yadda ake saba wa ciki da bayan gida da safe

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne. Bayan gida ba ya zuwa min sai ina tsakiyar darasi, dole in matse. In na koma gida kuma ya ƙi fita, wani lokacin har kwana uku. Akwai yadda zan mayar da shi safiya?

Amsa: Akwai, Malam, kuma dabarar tana cikin karin kumallonka. Duk lokacin da abinci ya shiga ciki ya buɗa shi, jijiyoyi kan aika saƙo ga babban hanji cewa ya motsa, ya tura abin da ya kwana a cikinsa zuwa ƙasa don a samar wa sabo wuri. Shi ya sa jariri kan yi kashi yana gama shan nono. Wannan motsi ya fi ƙarfi da safe, domin hanji kan lafa cikin dare, ya farka tare da mai shi.

Na fi zargin kana fita ba ka karya ba, ko ka ci a tsaitsaye ka kama hanya, saƙon ya riske ka a aji. Matsewar kuwa ita ce babbar ɓarnar. Bayan gidan da aka hana fita yana zaune hanji na tsotse ruwansa har ya taurare, kuma a hankali jiki ya rage sanar da kai.

A ce kana fita ƙarfe 7:15. Bayan sallar Asuba ka sha ruwa kofi guda. Ƙarfe 6:15 ka karya da abin kirki mai ɗan maiƙo, kamar koko da ƙosai ko ɗumamen tuwo da miyar kuka. Ruwan shayi zalla bai cika tayar da hanji sosai ba. Bayan minti 20 zuwa 30 ka shiga banɗaki, ko ka ji alama ko ba ka ji ba. Tsuguno ya fi, domin yana miƙe hanyar fita. In masan zama gare ka, ɗora ƙafafu kan 'yar kujera yadda gwiwa za ta ɗara ƙugu. Ka saki ciki, ka yi numfashi a natse. Minti biyar zuwa goma, in bai zo ba ka tashi, sai gobe.

Don Allah ban da yunƙuri da ƙarfi, kuma a bar waya a ɗaki. Dogon zama da nishi su ke jawo basir.

Kwanakin farko wataƙila ba abin da zai fito. Ka ba shi makonni kana kiyaye lokacin, har ranakun da ba makaranta. In kana shan maganin ƙarin jini ko tiramadol, su ma suna taurara bayan gida, ka gaya wa wanda ya rubuta maka.

Amma in ka ga jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko kana ramewa ba dalili, kada ka tsaya gwada wannan tsari. Je asibiti a duba ka.