Na sayi katako tubaifo, injiniya ya auna ya ce bai cika ba

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin shagon kayan gini. An ba ni aikin kai katako tubaifo guda 200 na rufin ajujuwa, takardar kuma abin da ta ce kawai shi ne inci biyu da inci huɗu. Na sayo a 'yan katako na kai. Bayan mako biyu injiniya ya sa tef, ya samu kauri milimita 44, faɗi 92, ya ce ko in canza ko a zaftare mini kuɗi. Dillalin da ya sayar mini ya ce haka tubaifo yake ko'ina a duniya. Wane ne mai gaskiya, kuma asarar a wuyan wa take?

Amsa: Malam, sannu da wannan ɗawainiya, Allah ya mayar da alheri. Dillalinka ya faɗi gaskiya amma rabinta ya faɗa, kuma rabin da ya bari nan ne kuɗinka ya maƙale.

Tubaifo suna ne da katako yake samu tun ranar da aka tsaga shi daga gungume, yana ɗanye, ba a goge shi ba. Daga wannan rana raguwa kawai yake yi, sunan kuwa yana nan yadda yake. A Amurka, inda aka fi yin gini da irin wannan katako, tubaifon da ke kan kanta inci ɗaya da rabi ne da inci uku da rabi, wato milimita 38 da 89. Sun fara kafa ma'auni na ƙasa baki ɗaya a 1924, aka yi ta ja-in-ja ana ragewa, har ƙa'idar 1970 ta tsayar da wannan awo ga busasshen katako gogagge. Idan ka buga lissafi, biyu sau huɗu takwas ne, ɗaya da rabi sau uku da rabi kuwa biyar da kwata, ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. To amma mai saye a can ya san abin da zai samu tun kafin ya bar gida. An busar da katakon, an goge fuskokinsa huɗu, kowane guda daidai yake da ɗan'uwansa, kuma injiniyansu da 38 da 89 yake lissafin nauyin da zai ɗauka. Wannan uzurin ne dillalinka ya aro, alhali nasa katakon ba a busar ba, ba a goge ba.

Bari mu bi naka milimita bayan milimita, mu ga abin da yake da dalili da wanda ba shi da shi. Zan ɗauki tubaifo a matsayin 50 da 100, yadda masu zanen gini suka saba rubuta shi a nan.

Mu fara da faɗi. Yawancin tubaifo ba a haka yake baro daji ba. Falanki ne mai faɗin inci goma sha biyu, kimanin milimita 305, ake kawowa daga kudu, sai a tsaga shi uku a inji cikin kasuwa. Je ka Na'ibawa a Kano ka tsaya kusa da mai inji, ka dubi tulin garin katakon da ke ƙarƙashin teburinsa: wannan garin daga jikin katakon wani ya fito. Bakin zarto yana cin milimita uku zuwa huɗu a kowane yanka, kuma yanka biyu ake yi kafin a sami guda uku. Sannan falankin da kansa ya riga ya tsuke a hanya da zaman rumfa. A ce ya koma 290. Cire takwas na zarto, saura 282, raba uku, kowanne 94. Babu wanda ya cuce ka a nan, kuma babu yadda za a yi tubaifo uku masu cikakken 100 su fito daga wannan falanki.

Daga 94 zuwa 92 kuma aikin iska ne. Itace ba ya fara tsukewa sai ruwan jikinsa ya sauka ƙasa da kimanin kashi 30 cikin ɗari, daga nan kuwa duk ruwan da ya fita sai ya ja jikinsa. Katakon da aka yanka a damshin Ondo ko Edo aka sauke shi a arewa lokacin hunturu yana iya rasa kashi uku zuwa biyar cikin ɗari na faɗinsa, gwargwadon irin itacen da yadda aka tsaga shi. Tsawo ne kawai ba ya raguwa yadda ido zai gani, shi ya sa idan ka sayi mai ƙafa goma sha biyu ka tarar da sha ɗaya da rabi, kada wani ya ce maka bushewa ce. Makonni biyun da kayanka suka yi a filin gini sun isa su cinye milimita biyun nan.

Kauri ne inda maganar dillali ta karye. Zarton kasuwa bai taɓa kaurin falanki ba, faɗinsa kawai ya raba. Bushewa a kan 50 ba za ta wuce milimita biyu ko biyu da rabi ba, wato ya kamata ka ga 47 ko 48. Kai kuma 44 ka samu. Sauran uku ko huɗun tun a wurin tsaga gungume aka rage su, domin mai injin da ya sirance kowane falanki da 'yan milimita yana samun ƙarin falanki a gungumen, ya sayar da shi da suna ɗaya da farashi ɗaya. Wataƙila dillalinka ma haka aka kawo masa. Amma shi ya san kayan da yake saye, kuma galibi ya san dalilin da ya sa suka fi na maƙwabcinsa araha.

Kana iya tabbatar da wannan da hannunka. Ɗauko guda goma daga wurare daban-daban na tulin, banda na saman da aka jera don ido. Shafa fuskar: idan akwai sawun haƙoran zarto da kaushi, ba a goge ba, saboda haka babu zancen ragin guga, wanda kan ci milimita biyu zuwa uku a kowace fuska. Sai ka auna kauri a kai, a tsakiya, da ƙarshe. Idan duk goman sun tsaya a 44 daga farko har ƙarshe, haka aka saita injin da gangan. Idan kuwa guda ɗaya yana ba ka 49 a wannan kai, 41 a wancan, to da zarton hannu mai inji aka tsaga shi a daji, kuma wurin da ya fi siranta shi ne ainihin awonsa, don nan zai fara karaya.

Kada kuma ka ɗauka injiniya neman rigima yake a kan milimita takwas. Ƙarfin katakon da aka kafa a gefensa, kamar na rufi, ba ya raguwa daidai da ragin awo, ya fi haka sauri. Juriyarsa ga lanƙwasa tana bin faɗin ne sau kansa har uku. Idan faɗi ya sauka daga 100 zuwa 92, juriyar ta koma kashi 78. Haɗa da kaurin da ya sauka zuwa 44, sai ta koma wajen kashi 68 na abin da aka yi lissafi da shi. A ido itacen da ya ɓace bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, amma kusan sulusin juriyar ya tafi. Idan zanen ya ce a jera su da tazarar santimita 60, sai an matso da su zuwa wajen 40 kafin rufin ya tsaya yadda aka so, ma'ana inda 200 za su isa yanzu sai kusan 300. Wannan hukunci na injiniya ne, ba naka ba, ba na kafinta ba, balle rufin da yara za su zauna a ƙarƙashinsa.

To asarar fa? A ganina ta kasu. Takardar ba ta ce cikakken awo ba, ba ta ce busasshe ba, suna kawai ta kira, kuma duk wanda ke harkar gini ya san sunan ba ya cika. Wannan hujjarka ce a kan faɗin, ka riƙe ta. A kan kauri ba ka da ta cewa, kuma gara ka amsa da bakinka kafin a tilasta maka. Ka je wurin injiniya da awon guda goman a rubuce, ka tambaye shi mafi ƙanƙantar awon da zai karɓa. Sau da yawa za ka tarar akwai wuraren da siraran za su yi aiki, kamar katakon silin, sai a ware masu kauri ga inda nauyi yake. Ragowar ka mayar wa dillali tun ba a yanka ba, ba a buga musu ƙusa ba, ka nemi canji da ciko maimakon kuɗi, don ɗan kasuwa ya fi sauƙin sakin kaya a kan sakin kuɗin da ya shiga aljihu. In ya ƙi, shugabannin kasuwar suna sasanta irin wannan, kuma tef a gabansu ya fi rantsuwa amfani.

Ga wani lissafi da nake so ya zauna maka, don na tabbata araha ce ta ja ka. A ce wani yana sayar da nasa naira 3,000, awonsa 48 da 98, wani kuma naira 2,700, awonsa 44 da 92. Ninka kauri da faɗi: na farko 4,704, na biyu 4,048. Raba kuɗin da wannan adadi, za ka ga kowace milimita murabba'i dubu ta na farko ta tsaya maka a naira 638, ta na biyu a 667. Wanda ka ɗauka ya sauƙaƙa maka naira 300 shi ya fi tsada, tun ma kafin a zo maganar ƙarfi. Farashin misali ne kawai, ka sa na ranar da za ka saya.

Aiki na gaba, kafin ka faɗi farashi, ka tambayi mai aiki ko suna yake nufi ko cikakken awo, a rubuta amsar. Idan ya ce lallai 50 da 100 bayan an goge, to ba tubaifo za ka saya ba sam. Sai katakon da ya kai wajen 56 da 106 yana busasshe, wanda ko dai a yanka maka shi musamman, ko a fitar da shi daga babba kamar mai inci uku da shida, kuma kuɗin wannan daban ne ƙwarai, dole ya shiga farashinka tun farko. A wurin dillali kuma, kada rasit ya tsaya a kan suna da adadi. A rubuta irin itacen, tsawonsa, da cewa kauri ba zai gaza kaza ba, faɗi ba zai gaza kaza ba, a auna a gabanka kafin a ɗora a mota. Idan katakon ɗanye ne, wanda za ka ji nauyinsa da sanyinsa a tafin hannu, ƙara milimita biyu a kauri da huɗu a faɗi a kan abin da injiniya ya yarda da shi, don zai auna ne bayan iska ta gama nata aikin.