Muryar da Yaya ya turo kan kuskure wajen gabatar da baƙo

"Yaya, jiya ni na gabatar da baƙuwar da ta yi mana lacca. Na manta ban ce Dokta ba, sannan na ce ita ta kafa cibiyar, ashe shugabar wurin ce kawai, wani ne ya kafa. Ba ta ce komai ba. In kira ta in ba ta haƙuri, ko in bar shi ya wuce?"

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ji saƙonka. Ka kira ta, wannan ba abin dogon tunani ba ne. Amma na lura maganar Doktan nan ce ta hana ka barci, alhali ita ce ƙaramar. Ta kafa cibiyar ce babba, kuma ita kake ɗauka da wasa don kana ganin ai yabo ka yi.

Bari in raba maka su. Idan ka manta da laƙabin mutum, shi kaɗai ka rage wa, kuma gyaran na hannunka. Ba sai ka tsayar da taro ba. Jimlar da za ka faɗa ta gaba sai ka saka laƙabin a ciki, ka ɗan danna shi: "Dokta, bisimilla, fili naki ne." Shi ke nan. Wanda ya lura ya ji an gyara, wanda bai lura ba ba ka tashe shi ba. In ka riga ka zauna, ka ajiye shi zuwa lokacin godiya, ka buɗe da "Muna godiya ga Dokta", ka sake faɗa sau ɗaya kafin ka rufe.

A'a, tsaya, kada in ce ƙarama haka kawai, in baƙuwar mace ce akwai abin dubawa. An buga wani bincike a 2017 kan tarukan likitoci a asibitin Mayo Clinic na Amurka. Idan namiji ne ke gabatar da namiji, kusan kashi 72 cikin ɗari yana ambaton laƙabinsa, idan mace yake gabatarwa sai abin ya sauko kusan kashi 49. Saboda haka mai yiwuwa ba kai ne na farko da ya yi mata ba, kuma shirun da ta yi ba ya nufin ba ta ji ba. To ka tuna, jiya akwai maza a teburin da ka kira da Farfesa da Injiniya? In akwai, wannan ba a gyara shi a ɓoye cikin jimla. A fili ake cewa, "Afuwa, Dokta ce, ban ambata ba ɗazu."

Yanzu maganar kafa cibiya. Ka ɗauki abin wani ka ba ta a gaban jama'a, ka bar ta da zaɓi biyu, duka babu daɗi. Ko ta yi shiru, ya zama ta amince da abin da ba nata ba. Ko ta buɗe laccarta da gyara maka magana, ya zama kamar ta kunyata mai masaukinta. Mutane masu kawaici shirun suke zaɓa, sai su tafi gida da abin a rai.

Na taɓa zama a wani taro da aka yi irin wannan, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Mai gabatarwa ya ce baƙon shi ya ƙirƙiro aikin tun daga tushe. Ashe dattijon da ya fara aikin yana zaune a layin gaba, da takardar tsarin taro a hannunsa. Ina kallonsa ya cire tabarau, ya naɗe takardar gida biyu, ya sa a aljihu. Shi kuwa baƙon yana tsaye, hannunsa a kan makirufo, ya kasa ɗaga ido wajen layin gaba. Sai wani ya miƙa wa mai gabatarwa 'yar takarda. Maimakon ya gyara a jimla ɗaya, sai ya shiga cewa haka aka rubuto masa, sakatariya ce ba ta duba ba, shi ma da safe aka ba shi takardar. Yarinyar tana nan tsaye a bakin ƙofa da rajista a hannu, kowa ya waiwaya yana kallonta. Kuma a duk wannan dogon bayani bai kira sunan dattijon ba! Wannan ne ya fi ƙona min rai. Kai ka riƙe makirufo, daga bakinka maganar ta fita, me ya kawo sakatariya? In akwai wanda za ka tuhuma, ku haɗu a ofis bayan taro. Ni dai mai gabatarwar da ke ɗora laifi a kan na ƙasa da shi, ba na sake ba da shawarar a kira shi.

Abin da ya kamata ya ce bai wuce numfashi biyu ba: "Gyara ɗaya kafin mu fara. Malam Wane ne ya kafa wannan aiki, ga shi nan tare da mu. Baƙonmu shi ke jagorantarsa yanzu." Ka ga abin da ke ciki? An faɗi daidai, an mayar wa mai abu abinsa da sunansa, an bar baƙon da abin da yake nasa na gaskiya. Ba a maimaita kuskuren ba, don in ka maimaita shi ne zai zauna a kunnen mutane. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Kuma sauri yana da amfani. Kun ga bidiyon nan na taron NATO a Washington, Yulin 2024, da Biden ya gabatar da Zelensky ya kira shi Putin. Da wuya a yi kuskuren suna da ya fi wannan muni. Amma ya juya zai bar wurin sai ya dawo kan makirufo nan take ya gyara da bakinsa, bai bar wa baƙon aikin ba. Abin lura ke nan a wurina, sauran siyasar ba ruwana da ita. In suna ka kuskure, ko ka ba mutum abin da ba nasa ba, a take ake gyarawa muddin baƙo bai fara magana ba. In ya fara, kada ka katse shi, ka jira ya gama. Kuma in shi ya gyara maka da kansa, ka gyaɗa kai ka ce "Na gode da gyara", kada ka tashi kana bayani.

To kai yanzu taro ya watse. Ka kira ta yau, kada ya kwana biyu. Ka ambaci abubuwan biyu da sunansu, ban da "in akwai inda na yi kuskure", don ka san inda ka yi. Ka ce, "Dokta, jiya ban ambaci laƙabinki ba, kuma na ce ke kika kafa cibiyar. Ki yi haƙuri, zan gyara." Za ta ce ba komai. Ka karɓa, kada ka yi ta nanatawa har ya koma ita ke lallashinka.

Sannan ka bi maganar duk inda ta je. An ɗauki bidiyo? An rubuta rahoton taro? In akwai, a gyara rubutun kafin ya fita, in bidiyon ya riga ya fita a rubuta gyaran a ƙarƙashinsa. Wanda ya kafa cibiyar kuma, in yana wurin jiya ko kana ganin maganar za ta kai masa, shi ma ka tura masa layi biyu. Af, kuma ka tambaye ta yadda take so a rubuta muƙamin nata daidai, shugaba ce ko darakta ko mai riƙon ƙwarya, don kada garin gyara ka sake yin wani. Ka rubuta abin da za ka sa a rahoton ka turo min in duba kafin ka aika.