Tashar tafinta a Zoom: tun wajen tsara taro ake gyara ta

"Maigida, an ba ni aikin haɗa taro a Zoom ranar Alhamis. Mai jawabi Faransanci yake yi, mahalarta Hausa suke ji, kuma an samo tafinta. Na buɗe taron gwaji amma ban ga maɓallin fassara ba. Ina yake ɓoye?"

Ba za ka gan shi ba, ɗana, sai ka kunna shi da kanka, kuma asusun kyauta ba ya yi, sai na biya. Shiga asusun ta burauza, ka je Settings, ka nemo Language Interpretation ƙarƙashin In Meeting (Advanced), ka kunna. A nan za ka tarar da jerin harsuna, da Faransanci amma babu Hausa, sai ka danna alamar + ka rubuta Hausa da hannunka.

Sannan ka tsara sabon taro. Wajen Meeting ID ka zaɓi Generate Automatically, kada ka sa lambarka ta dindindin, domin fassara ba ta aiki da ita. Yawancin masu neman maɓallin nan su rasa, nan suka yi tuntuɓe. Ka sa alama a akwatin fassara, ka rubuta imel ɗin tafinta, ka haɗa masa French da Hausa. Ranar taro kuma ba ta tashi da kanta, sai kai mai masauki ka danna Interpretation, ka danna Start.

Inda nake so ka sa ido sosai shi ne lokacin tambayoyi. Tafinta yana da maɓalli biyu a gabansa, kuma muryarsa tana fita ne a tashar da ya zaɓa kawai. Muddin baƙo yana jawabi, tafinta yana kan Hausa. Da zarar wata Hajiya ta ɗaga hannu ta yi tambaya da Hausa, dole ya koma French kafin ya buɗe baki. In ya manta, Hausawa ne za su sha Faransanci, baƙon kuma ya yi zuru yana jira. In ka ga haka, tura wa tafinta saƙo maza. Shi ya sa nake ajiye waya ta biyu da abin kunne, ina leƙa tashoshin biyu.

Mahalarta kuwa, tun kafin a fara ka gaya musu da baki, da Hausa, su danna alamar duniya su zaɓi Hausa. A waya tana cikin More. Za su riƙa jin mai jawabi ƙasa-ƙasa a bayan tafinta, wanda abin ya dame shi ya danna Mute Original Audio. Wanda ya shigo ta kiran lambar waya ba zai sami fassara ba sam, don haka ka ce kowa ya sauke manhajar tun ranar Laraba, ku yi gwaji da tafintan a ranar.