Gwajin jini kafin ɗaurin aure

"Kawu, an ce sai mun kai takardar gwajin jini kafin a sa rana. Ku a zamaninku ba a yi haka ba, babu shi kuma a hadisi. Daga ina malamai suka samo shi?"

Ɗiyata, gaskiya ne, ranar da aka ɗaura aurena goro da sadaki kawai aka nema. Amma na zauna da maƙwabcina dare guda a asibiti, ɗansa mai sikila yana kuka, ko taɓa ƙafarsa ba ya so a yi. A lokacin iyayen ba su san mafarin ciwon ba.

Idan sabon abu ya taso, babu aya ko hadisi a kansa kai tsaye, malaman fiƙihu sukan tambayi abin da shari'a ta zo ta kare. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya lissafa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Malaminmu na Malikiyya, Shaɗibi na Andalus, shi ya faɗaɗa bayanin. Wannan ake kira maƙasidus shari'a, wato manufofinta.

To ga yadda suke bi da batunki. Sai sun fara jin likita. Shi zai ce idan gwajin ya nuna miji da mata duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da ciwon ba, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai sikila. Ki lura, a kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Wani gidan uku a jere za su zo da shi. Daga nan malami ya ga cewa maganar ta taɓa rai da zuriya, ga kuma hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Sai ya duba ko gwajin ya saɓa wa wani nassi. Bai saɓa ba. Mai cewa rashin tawakkali ne, a tuna masa Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Sai dai manufa tana da iyaka, nan ne matasa kuke zarcewa. Ba ta ƙara wa aure rukuni. Auren da aka ɗaura da waliyyi, sadaki, shaidu da siga ya ɗauru ko babu takarda. Kan tilastawa kuwa malamai sun rabu: wasu sun ce hukuma tana da ikon wajabta shi don maslaha, kamar yadda Kano ta yi doka a 2024, wasu sun ce a kwaɗaitar kawai. Ni ina tare da na farko.

Ku je tun kafin a kawo lefe, lokacin da janyewa ba ta da ciwo sosai. Sakamakon kuma sirri ne tsakaninku da waliyyanku, kada ya zama hirar gidan biki.