Mashin ɗin kabu-kabu a kan biyan mako-mako: nawa ne ruwan na gaskiya?

"Salamu alaikum. Wani dillali nan Sakkwato zai ba ni Boxer sabuwa, in ba da kafin alƙalami naira 200,000, sannan 30,000 duk mako har mako 52. Kuɗi hannu 1,300,000 yake sayar da ita. Ya ce ƙarin kashi 35 ne kacal. Haka ne?"

Wa alaikumus salam, Malam. Fara da jimilla: 30,000 sau 52 ya ba da 1,560,000, ka ɗora kafin alƙalami ya zama 1,760,000. Cire farashin kuɗi hannu, ƙarin 460,000 ke nan. Dillalin ya raba wannan da 1,300,000 ne ya sami 35 ɗinsa. Amma ai 200,000 ɗinka ce ka ajiye tun ranar farko, bashin da ke kanka 1,100,000 ne. A kansa ƙarin ya kusa kashi 42.

Ko 42 ɗin ma ba ita ce ta gaskiya ba. Da a ce za ka riƙe kuɗin duka har shekara ta zagayo kafin ka biya, da ta yi daidai. To kai tun makon farko kake mayarwa, bashin yana raguwa, shi kuwa ƙarin an riga an yanke shi a kan cikakken kuɗin. In ka daidaita shekarar, abin da ke hannunka bai fi rabi da ɗan wani abu ba. Shi ya sa a lissafin ka, ka ninka 42 ɗin biyu, ka sami sama da 80. Wannan yakan ɗan zarce. Ainihin lambar, ka sa wannan a Excel na waya:

```
=RATE(52,-30000,1100000)*52
```

Zai ba ka wajen 0.73, wato kashi 1.4 duk mako, kashi 73 a shekara. Ko ya kira shi ruwa ko ya kira shi ribar ciniki, abin da zai fita aljihunka ɗaya ne.

Kuɗin fom, lamba, inshora da na'urar bin sawu, in daban za ka biya su, ka tambaya tun yanzu. Duk wanda mai sayen kuɗi hannu ba ya biya, ƙari ne, ka haɗa shi cikin jimilla.

Inda 'yan kabu-kabu suka fi ƙonewa shi ne tsakiyar tafiya. Takardun mashin suna hannun dillali har biyan ƙarshe, don haka a rubuta mako nawa za ka tsallake kafin a ƙwace, da makomar abin da ka zuba. A rubuta kuma ragin da za a yi maka in ka so kashe bashin da wuri. Bayan mako 26, a takarda saura 780,000, alhali uwar kuɗin da ta rage wajen 650,000 ce. Idan yarjejeniya ba ta ambaci ragi ba, 780,000 ɗin zai nema.